Motata ta daina tsuwa ta koma gurza idan na taka birki, me ya faru?

Direban_Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Camry ce 2014 ta gidan da nake wa tuƙi a nan Jidda. Ta jima tana wata siririyar tsuwa daga gaba, ƙiii ƙiii, musamman idan ina tafiya a hankali cikin unguwa. Abin mamaki, idan na taka birki sosai sai tsuwar ta ɗauke, in na ɗaga ƙafa ta dawo. Makon jiya tsuwar ta ɓace gaba ɗaya. Yanzu kuma wani sauti ne daban, mai kauri, ƙurrr, daga ƙafar gaba ta dama, kuma sai na taka birki yake fitowa. Har a tafin ƙafata nake jin sa. Maigida ya ce ƙura ce kawai, in kai a wanke. Jibi Alhamis zan kai iyali Ɗa'if. Me kuka gani?

Abu_Sumayya: Wa alaikumus salam. Ƙura ce, maigidanka ya yi gaskiya. Duk lokacin da iska ta taso da yashi tawa ma haka take yi. Ka kai wajen wanki su buga ruwa mai ƙarfi ta cikin tayar, shi ke nan.

Usta_Haruna: Direban_Jidda, kada ka hau hanyar Ɗa'if da motar nan. Na fara da wannan ne saboda shi ne mafi gaggawa, sauran bayani ya biyo baya.

Abu_Sumayya, ƙura tana sa ƙara, ban musa ba. Amma ka sake karanta jerin yadda abin ya zo masa: tsuwa ta daɗe, ta yi shiru, gurza ta biyo. Ƙura ba ta bin wannan tsari. A jikin fahmat ɗin birki, wato abin da ke matse faifan da ke juyawa da taya don mota ta tsaya, akwai wani ɗan siririn ƙarfe da aka lanƙwasa, an sa shi da gangan. Muddin fahmat na da nama, wato ɓangarensa da ke gogar faifai yana cinyewa, ƙarfen ba ya taɓa komai. Idan naman ya cinye ya rage kamar milimita 2 zuwa 3, sai bakinsa ya fara shafar faifan, shi ne wannan ƙiii da kake ji kana tafiya. Da ka taka birki sai komai ya matse, rawar da yake yi ta tsaya, shi ya sa tsuwar take ɗaukewa. Aikinsa ke nan, ya dame ka har ka zo warsha.

In ba a zo ba, ɗan ƙarfen nan shi ma yakan cinye ko ya karye. Sai mota ta yi shiru, mutum ya ce Alhamdu lillahi ta warke. A lokacin kuwa ragowar naman ne ke ƙarewa. Idan ya ƙare, farantin ƙarfen da ke bayan fahmat shi zai riƙa danna faifai kai tsaye. Wannan ƙurrr da kake ji a ƙafa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Direban_Jidda: Innalillahi. To Usta, amma birkin yana kamawa fa. Jiya a titin Madina wani ya faɗo min gaba, na taka, ta tsaya.

Usta_Haruna: Za ta tsaya, ƙanena, ai sauran ƙafafu uku suna aiki, kuma ƙarfe kan ƙarfe ma yana ɗan riƙewa idan da sanyi. Tsayawa sau ɗaya a shimfiɗaɗɗen titi daban, gangarowa daga dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if daban. Ɗa'if tana sama da mita 1,800 a kan dutse, ka dawo ta Hada kana kwana bayan kwana da mota cike da mutane da kaya. Naman fahmat, ban da kama faifai, shi ne yake tare zafi kada ya kai ga fistin da ke tura fahmat. In babu shi, zafin yana wucewa kai tsaye zuwa man birki. Man ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Allah ya kiyaye.

Ummu_Khalid: Don Allah ku bar ni in shigo da tawa, tun da ana maganar. Ni tun da aka bai wa mata izinin tuƙi a Saudiyya a 2018 nake jan ƙaramar Hyundai. Kullum da asuba idan zan kai yara makaranta, takun farko da na biyu sai in ji kamar ana gurza abu, shaa shaa. Kafin in kai bakin babban titi ya daina. Maganar Usta ta tayar min da hankali. Ni ma ƙarfen ne?

Bature_Kandara: Hajiya ki kwantar da hankali, naki raɓa ce. Kina kusa da teku ko? Iskar Jidda jiƙe take. Faifan birki ƙarfen zubi ne, babu fenti a fuskarsa, dare ɗaya ya ishe shi ya yi jan tsatsa sama-sama. Ki leƙa ta tsakanin wilin da safe kafin ki tayar, za ki gan shi ja-ja. In kin dawo ki sake leƙawa, za ki ga ya yi fes yana ƙyalli. Haka ma bayan wankin mota.

Usta_Haruna: Bature ya faɗi daidai. Ma'aunin shi ne: ƙarar da ta tafi bayan taku biyu uku, ta tsatsa ce. Wadda take nan safe da yamma, tana ƙaruwa da ƙarfin taku, wannan a duba ta.

Ummu_Khalid: Na gode Malam Bature, na gode Usta. A Jidda nake, kuma a waje take kwana. Gobe zan leƙa in sha Allah.

Sani_Hilux: Ni dai a ganina duk tsuwa alama ce fahmat ya ƙare. Da na ji ƙiii nake sauyawa, ba na jira. Kuɗin fahmat nawa ne a kan ran mutum?

Bature_Kandara: Sani, niyyarka mai kyau ce amma za ka riƙa zubar da fahmat mai rabin nama. Wata uku da suka wuce na sa sabo fil a motata, washegari ta fara tsuwa. Ka ce shi ma ya ƙare?

Sani_Hilux: To wannan jabu aka sa maka.

Bature_Kandara: Ba jabu ba ne. Yaron da ya sa shi ne ya jefar da siraran farantan nan da ke manne a bayan tsohon fahmat, ya sa sabon haka tsurarsa. Da aka nemo wasu aka mayar, aka ɗan shafa giris ɗin birki a bayansu, tsuwa ta tafi har yau.

Usta_Haruna: Wannan abin da Bature ya faɗa muna ganinsa kullum a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota. Tsuwa asalinta rawa ce. Fahmat yana kama faifai yana saki da sauri ƙwarai, faifan ya ɗauki kaɗawar ya fitar da ita da siririn sauti. Waɗancan farantan da giris ɗin su ne ke shanye kaɗawar. Don haka sabon fahmat yana iya tsuwa, mai tauri wanda ƙarfe ya yi yawa a haɗinsa yana iya tsuwa, wanda ya sha zafi fuskarsa ta yi santsi tana sheƙi shi ma yana yi. Duk waɗannan nama yana nan. Bambancinsu da tsuwar gargaɗi, su sai ka taka birki suke fitowa, galibi taku mai sauƙi dab da tsayawa, kamar a danja. Ta gargaɗi kuwa sau da yawa kana tafiya ƙafarka ba ta kan birki za ka ji ta, irin ta mai tambaya. Na ce sau da yawa, domin akwai motar da takan yi ta lokacin taku. Kunne yana nuna maka inda za ka duba ne, hukunci na ido ne.

Kuma giris a baya kawai da kunnuwan fahmat. Kada ya kusanci fuskar da ke taɓa faifai.

Dan_Misfala: Usta da gaske ne akwai ruwan feshi da ake fesa wa birki ya daina ƙara? Wani abokina ya fesa irin man nan na kwance tsatsar noti, ya ce ta yi shiru.

Usta_Haruna: Subhanallah. Ka kira shi yanzu. Ta yi shiru ne saboda birkin ya daina kamawa yadda ya kamata. Mai ya shiga naman fahmat, kuma naman yana tsotsa, wanki ba ya fitar da shi. Sai an sauya fahmat an wanke faifan da abin wanke birki na ainihi, wanda yake bushewa nan take ba ya barin maiƙo.

Malam_Isa_Madina: Allah ya saka wa Usta da alheri. Ni tambayata a kan maganar maigidan ce. Direban_Jidda, shawarata ka ɗauki hoton abin ka nuna masa. Mutum in ya ga ƙarfe da idonsa ba ya gardama. Kada ka tsaya jayayya da baki, kuma kada kunya ta sa ka ɗauki iyalin mutane a motar da ka san da matsala. Amana ce.

Direban_Jidda: Gaskiya ne Malam. Na fita yanzu da fitilar waya na leƙa ta tsakanin wilin dama. Ga abin da ya ɗaure min kai: fahmat ɗin da nake gani yana da nama, zai kai kaurin rabin ɗan yatsa. Faifan ma ta waje sumul yake. To ina ƙarfen yake ci?

Abu_Sumayya: Kun gani ko? Na ce ƙura ce. Ko kuma tsakuwa ta maƙale.

Bature_Kandara: Tsakuwa tana yi kam. Ta taɓa shigar min tsakanin faifai da faranti na baya mai tare ƙura, a hanyar Yanbu inda ake gyaran titi. Ƙarar har mutane na waigowa. Amma ita ba ta jiran birki, da taya ta juya take kuka, kuma da na yi ribas da ɗan sauri ta faɗo. Tasa ya ce sai ya taka.

Usta_Haruna: Direban_Jidda, abin da ka gani bai ba ni mamaki ba, ya ma ƙara nuna min inda cutar take. Fahmat biyu ne a kowace ƙafa, na waje da na ciki. Ta wili na waje kawai kake gani. Fistin yana ta ciki ne, shi yake tura na ciki. Na waje kuwa sai kalifa, gidan da ke riƙe da fahmat da fistin, ta zame a kan wasu sanduna biyu masu giris sannan ta jawo shi ya kama. Idan robar da ke rufe sandunan ta yage, yashi ya shiga, giris ya bushe da zafin ƙasar nan, sai sandar ta ƙage. Daga nan na ciki shi kaɗai yake aikin mutum biyu. Ya cinye har ƙarfe, na waje yana nan da namansa yana yaudarar mai leƙe.

Ka yi haka idan motar ta huce, ba bayan tafiya ba, faifai yana ƙona hannu. Ka murza sitiyari har ƙarshe, ka haska ta bayan tayar, ka duba fuskar faifan ta ciki. Sannan ka buɗe gaba ka duba robar man birki, ka gaya min inda man ya tsaya. Ka kuma kwatanta ƙurar da ke kan wilin dama da ta hagu.

Sani_Hilux: Me ya haɗa man birki da fahmat kuma? In ya sauka ai ƙarawa ake yi.

Usta_Haruna: Yayin da fahmat ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa waje, mai yana bin bayansa ya cike gurbin. Shi ya sa man ke sauka a hankali ko babu yoyo. Idan ka cika shi, ka goge alamar, kuma ranar da aka mayar da fistin ciki don sa sabon fahmat sai ya yi ambaliya ya zuba a kan fenti. Man da ya sauka da sauri kuwa yoyo ne, wannan wata magana ce.

Direban_Jidda: Usta na duba. Man yana dab da layin ƙasa. Wilin dama ya yi wata ƙura ja-ja kamar tsatsa, har da ɗan ƙyalƙyali, na hagu baƙar ƙura ce ta kullum. Ta ciki kuwa na sa yatsa, faifan duk zane-zane ne masu zurfi, farce yana maƙalewa. Na ɗauki hoto na tura wa maigida. Ya ce gobe da safe in kai warsha.

Malam_Isa_Madina: Alhamdu lillah. Allah ya tsare.

Hamza_Riyad: Yanzu na shigo, ban karanta duka ba. Idan ƙara ce daga ƙafar gaba, boris ne. Tawa haka ta yi, wuuu wuuu, tana ƙaruwa da gudu. An sauya boris ta daina.

Bature_Kandara: Hamza ka koma sama ka karanta. Kukan boris yana bin gudu ne, ko ka taka birki ko ba ka taka ba, kuma yakan sauya idan ka karkata sitiyari. Nan an riga an ga faifai a zazzane.

Hamza_Riyad: To ba laifi. Amma su duba boris ɗin tun da za a kwance.

Ummu_Khalid: Usta, wata tambaya. Ranar da aka yi ruwan sama na taka birki da ƙarfi, sai fedar ta riƙa bugun ƙafata, drrr, da wata ƙara kamar gurza. Na tsorata na ɗaga ƙafa. Sau ɗaya ne bai sake ba.

Usta_Haruna: Hajiya wannan ABS ne yake aikinsa. Ya ji taya za ta kulle a kan santsi, sai ya riƙa kamawa yana saki da sauri. Idan ya sake faruwa kada ki ɗaga ƙafa, ki danne ki riƙe sitiyari. Titunan nan sun fi santsi a farkon ruwa, saboda mai da ƙurar da suka taru wata da watanni.

Direban_Jidda: Barkanku da safiya. Ina warsha yanzu. An kwance, kamar Usta yana wurin. Fahmat na ciki na dama babu nama ko kaɗan, farantin ya yi fari yana sheƙi, gefensa ya yi shuɗi. Ɗan ƙarfen gargaɗin ya karye, gindinsa kawai ya rage. Na waje sun auna milimita 6. Sandar ƙasa ta ƙage, sai da suka sa guduma da ruwan feshi ta fito, duk tsatsa. A hagu kuma biyun sun yi daidai, wajen milimita 5. Yanzu mai warsha ya ba ni zaɓi: a kai faifan a fere shi a inji, ko a sa sabo. Feren ya fi sauƙin kuɗi sosai. Me zan ce wa maigida?

Sani_Hilux: A fere kawai. Kowa haka yake yi. Na fere nawa ba sau ɗaya ba, lafiya lau.

Bature_Kandara: Ni ba na son fere. Faifan da aka rage ba ya jure zafi, bayan 'yan watanni sai sitiyari ya fara rawa idan ka taka a kan gudu. Na gwada, na dawo na sayi sabo, kuɗi biyu.

Usta_Haruna: Ku biyun kowa ya faɗi abin da ya gani, amma faifan ne zai raba gardama. Direban_Jidda, ka ce su goge tsatsar gefen faifan ko ta cikin hularsa. Akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfen, MIN TH da lamba a gabansa, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. A irin motarka na gaba yana zuwa da kaurin milimita 28, iyakarsa 25. Wato milimita 3 kacal aka ba ka na ci duk rayuwarsa. Su sa abin awo su auna, ba a bakin gefe ba inda tudu yake, a tsakiyar inda fahmat ke bi, kuma a wurare da dama. Sannan a duba zurfin zanen, domin inji sai ya ci har gindin zane mafi zurfi kafin fuska ta yi sumul, kuma ɗaya fuskar ma sai an ɗan taɓa ta.

Direban_Jidda: An auna. Na dama 26.1, na hagu 26.6. Zanen da ya fi zurfi ya ce zai kai milimita ɗaya. Mai warsha ya ce zai fita.

Usta_Haruna: Yi lissafin da kanka. 26.1 ka cire 1 na zanen, saura 25.1. Ka cire abin da za a share a fuskar waje, ko da 0.2 ne, ka koma 24.9. Ka faɗa ƙasa da iyaka tun kafin sabon fahmat ya fara cin nasa. Zai fita daga inji yana ƙyalli, ba shakka, amma siriri ne. Siririn faifai yana saurin ɗaukar zafi, ga shi motar tana hawa Hada. Wannan na canji ne. Kuma biyu za a sauya, dama da hagu, da fahmat na ƙafafun biyu. Idan ɗaya sabo ɗaya tsoho, kamunsu ba zai zo ɗaya ba, mota tana iya fizga gefe idan ka taka da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne a nan ne ake asara. Da lokacin tsuwar aka zo, fahmat da wanke sanduna kawai za a yi, faifan nan da sauran rayuwarsa.

Sani_Hilux: Na dama na yarda. Amma na hagu 26.6 ne kuma ba zane, me zai sa a jefar? Ku masu warsha kuna son cinikin kaya.

Usta_Haruna: Ba ni zan sayar masa ba, Sani, ban ma san warshar da yake ba. Akwai masu barin na hagun, kuma mota za ta tafi. Ni dai ba na yi wa motar da ke ɗaukar iyali haka.

Sani_Hilux: To kowa da ganinsa. Ni da tawa ce zan bar shi.

Dan_Misfala: In kuɗi ne matsala a je tashlih mana, inda ake kwance matattun motoci, akwai faifai na motocin da suka yi hatsari, na asali, da araha.

Bature_Kandara: A je da abin awo dai. Ido ba ya bambance 27 da 25. Kuma wanda ya daɗe a yashe tsatsa takan ci shi ta cikin ramukan iska.

Malam_Isa_Madina: Fahmat kuwa ban ba da shawarar na hannu ba ko kyauta ne.

Direban_Jidda: Maigida ya yarda da sabbi biyu bayan ya ga hoton farantin. Usta me zan tsaya in tabbatar sun yi?

Usta_Haruna: Ka tsaya a kansu, da ladabi. Abu na farko sandar da ta ƙage. In ba a gyara ta ba, sabon fahmat ma haka zai ƙare. In ta ci tsatsa har ta yi ramuka a sauya ta da robarta, a wanke ramin da take shiga, a sa giris ɗin birki mai jure zafi wanda ba ya kumbura roba. Giris ɗin boris na gama-gari yana lalata robar. Ka tura kalifar da hannunka ka ji tana zamewa ba tirjiya. Su duba robar fistin ma, tun da ya fito da nisa kuma ya sha zafi.

Kafin a ɗora sabon faifai a kankare tsatsar fuskar da zai zauna a kai har ta yi fes. 'Yar tsatsa kaɗan a nan tana sa faifai ya zauna a karkace, bayan wani lokaci ka ji feda tana bugu, a ce maka faifan ne ba kyau. Sabon faifai yana zuwa da maiƙon hana tsatsa, a wanke shi. Notin taya kada a ɗaure da bindigar iska har ƙarshe.

Idan an sauke motar, kafin ka sa giya, ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. An mayar da fistin ciki, takun farko babu komai a cikinsa. Na ga wanda ya fita da ribas ya daki bango saboda wannan.

Sannan ka samu titi mara cunkoso. Ka kai 60, ka taka matsakaici ka sauko kamar 10, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Ka yi haka sau takwas zuwa goma, sai ka yi tafiya kaɗan ba birki su huce. Wannan yana sa fahmat ya kwanta a kan faifan daidai.

Abu_Sumayya: Ma sha Allah, ashe ba ƙura ba ce. Amma ni tawa da gaske wanki yake kashe ƙarar.

Bature_Kandara: Taka ta baya ce ko ta gaba? In motar mai ganga ce a baya, ƙurar birki tana taruwa a ciki ta riƙa ƙara. A buɗe a wanke, kada a hura da iska mutum ya shaƙa.

Hamza_Riyad: Sun duba boris ɗin?

Direban_Jidda: Sun juya shi Hamza, sun girgiza, lafiyarsa ƙalau. An gama aiki, na yi abin da Usta ya ce a wani titi can bayan Sana'iyya. Gurza ta tafi. Amma man birkin ya yi baƙi, mai warsha ya ce a sauya, maigida ya ce a bari sai mun dawo.

Usta_Haruna: Wannan ban ji daɗinsa ba. Man birki yana shan danshin iska. Irin man da ake kira DOT 3 sabo sai ya haura digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. Ga shi na ƙafar dama ya riga ya dahu. Ka sake yi masa magana yau. Ko an sauya ko ba a sauya ba, a gangaren Hada ka sauke giya ƙasa, inji ya riƙe motar. Ka taka ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. In ka ji ƙauri ko feda ta yi laushi, ka nemi wuri ka tsaya.

Malam_Isa_Madina: Ko ku bi ta hanyar Sail, ta fi nisa amma gangarenta ya fi sauƙi.

Sani_Hilux: Ta Sail manyan motoci sun yi yawa, ni na fi son Hada da rana.

Direban_Jidda: Zan gaya masa duka biyun. Wani abu kuma Usta, da na dawo gida ina shiga layinmu a hankali, na ji 'yar siririyar tsuwa sau ɗaya dab da tsayawa. Ba kamar ta da ba, gajeriya ce. In koma warsha ne?

Bature_Kandara: Sun mayar da farantan bayan fahmat? Ka gani da idonka?

Direban_Jidda: Na hagu na gani. Na dama lokacin na fita amsa wayar maigida.

Usta_Haruna: Sabo yakan yi haka kwanakin farko kafin ya zauna. Amma tun da ba ka ga na dama ba, kuma nan ne ya sha zafi, wataƙila tsofaffin farantan sun ƙone an jefar. Ka biya da safe kafin ku kama hanya, cire taya ɗaya ne. Ka tambaye su man birkin ma nawa za su yi.

Dan_Misfala: Usta abokin nan nawa ya ce shi bai yarda ba, wai birkinsa yana kamawa. Wace unguwa warsharka take in kawo shi?